Ina sha biyun suka tafi? Sharhi kan jawabin wani direkta ranar mayar da takardun jarrabawa

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ko awara a bakin wata makaranta a Damagaram ya san irin takardar da ake naɗe masa su a ciki. Sau da yawa takardar jarrabawa ce, da sunan yaro a sama, da jan bik ɗin malami a gefe, mai ya jiƙa ta har ana ganin rubutun baya ta gaba. Irin wannan takarda direktan kwalejin da nake koyar da lissafi ya riƙo a hannunsa wata safiyar Litinin ta watan Janairu, bayan an ɗaga tuta, ƙurar hunturu ta sa kowa ya takure. Ya rufe sunan da babban yatsansa, ya ɗaga ta sama. Ya fara da Faransanci kamar yadda aka saba, sai ya juya Hausa, wanda a wurinsa alama ce ta cewa yana son maganar ta shiga.

Jawabin bai kai minti biyar ba. Ya ce, "Ƴaƴana, wannan takarda ranar Juma'a aka mayar wa mai ita, ranar Asabar na sayi ƙosai a cikinta. An rubuta 8 bisa 20. Ni ba takwas ɗin nake tambaya ba. Ina sha biyun suka tafi?" Ya ce ɗan kasuwar da ke Kasuwar Dole, idan ya fita da jari na jika ashirin ya dawo da takwas, ba zai kwanta ba sai ya san wa ya ci bashi, me ya zube, ina aka cuce shi a canji. Sannan ya ba da umarni: kada wanda ya sake yar da takardarsa, kowa ya zauna ya rubuta a gefen kowane makin da ya rasa dalilin rasa shi, kuma bayan kwana uku ya sake yin tambayar da ya faɗi ba tare da ya leƙa gyaran da aka kwafa daga allo ba. Daga nan ya sallame mu zuwa aji.

Na ji jawabai da yawa a gindin tuta, mafi yawansu faɗa ne a kan latti da ƙazanta da rashin karatu, yara su saurara da kunne ɗaya. Wannan ya bambanta da su don ya bar wa yaro aikin da zai iya yi da hannunsa a daren nan. Amma da na koma aji na gwada shi a kan takardun ɗalibaina, sai na ga maganar tana da gaskiya mai yawa a ciki, tana kuma da wuraren da ba ta tsayuwa da ƙafarta. Ina ganin hanya mafi kyau ta nuna duka biyun ita ce a buɗe takarda guda a bi ta layi-layi.

Takardar wata yarinya ce ƴar turwaziyam, ajin da ke fuskantar jarrabawar Bepese a ƙarshen shekara. Ita ma 8 bisa 20 ta samu a wani dabuwar na awa biyu mai darasi huɗu. Da na tambaye ta ina sha biyunta, amsarta ita ce amsar kowa: "Mushe, ni ban iya lissafi ba." Wannan amsa ita ce abin da lambar da ke saman takarda take koya wa yaro. Tana haɗe masa abubuwa daban-daban ta mayar da su hukunci guda a kan kansa.

Darasi na farko maki 5 ne, ta samu 1. An ce ta warware (x − 3)², ta rubuta x² − 9. An ce ta warware (2x + 1)², ta rubuta 4x² + 1. Kowanne ya sa ta rasa maki 2. Ta uku kuwa, (x − 5)(x + 5), ta rubuta x² − 25, daidai, ta karɓi makinta guda. Wanda ya kalli jan bik zai ga kuskure biyu. A gaskiya kuskure ɗaya ne ya fito sau biyu: ta ɗauka cewa idan an ninka baka da kanta, ana ninka kowane abu da ke ciki da kansa ne kawai a wuce. Ba mantuwa ba ce, ba gaggawa ba ce. Ƙa'ida ce ta gina a kanta, tana bin ta da zuciya ɗaya, kuma amsar ta uku da ta fito daidai tana ƙara tabbatar mata cewa tana kan hanya.

Irin wannan kuskure ba ya jin gyaran allo. Ta kwafi amsar gaskiya, x² − 6x + 9, da kyakkyawan rubutu a kayenta, amma da na ba ta (x − 4)² bayan kwana uku sai ta rubuta x² − 16. Abin da ya girgiza ta shi ne lamba. Na ce ta sa 5 a madadin x. A cikin baka 5 a cire 3 saura 2, ninka shi da kansa 4. A nata warwarar kuwa 25 a cire 9 saura 16. Ta yi shiru tana kallon 4 da 16. Daga nan muka zana fili mai kusurwa huɗu a ƙasa, kowane gefe taku 13, wato 10 da 3. Faɗinsa duka 169. Babban yanki na 10 sau 10 ya ba da 100, ƙaramin na 3 sau 3 ya ba da 9, jimla 109. Na ce saura 60, suna ina? Da kanta ta nuna dogayen yankuna biyu na gefe, kowanne 10 sau 3. Waɗannan yankuna biyu su ne abin da take zubarwa a kowace jarrabawa tun daga katiriyam, ajin da ta baro. Wannan aiki ya ɗauke mu kusan minti ashirin, kuma ba aikin da za ta iya yi ita kaɗai a gida ba ne, domin wanda ke bin ƙa'ida marar kyau bai san marar kyau ba ce.

Darasi na biyu maki 3 ne, ta rasa 1. An ba ta 3x − 7 = 5x + 1. Ta bi matakai daidai har ta kai −2x = 8, sai ta rubuta x = 4 maimakon x = −4. Da ta zo rubuta dalili a gefe kamar yadda direkta ya ce, sai ta rubuta "rashin kula". A nan ne na fara ganin raunin umarnin. "Rashin kula" ɗaki ne mai faɗi da kowane ɗalibi ke son jefa kayansa a ciki, don ba ya zubar da mutunci: yana nufin na iya, hankalina ne ya tafi wani wuri. Cikin takardun ajin da na duba a wannan mako, wannan dalili ne ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Akwai hanyar gane ko gaskiya ne. Kuskuren rashin kula na gaske ba ya da gida: yau a nan, gobe a can, kuma idan ka nuna wa yaro layin ka ce "duba nan" ba tare da ka ƙara komai ba, zai gano shi cikin ƴan daƙiƙu ya dafa kai. Na nuna mata layin, ta duba, ta sake dubawa, ta ce ita ba ta ga komai ba. Na ce ta kawo takardunta biyu na baya. Ɗaya ta ɓata, ɗaya tana nan, kuma a cikinta ga kuskuren nan a zaune: duk lokacin da za ta raba da lamba mai alamar ɗebewa a gaba, wadda yara ke kira mwan, alamar sai ta ɓace. To wannan ba rashin kula ba ne. Rami ne da ta tsallake tun ajin baya, lokacin da aka koyar da lambobin da ke ƙasa da sifiri. Maki ɗaya ne kacal a wannan takarda, shi ya sa ba wanda zai kula da shi, amma yana karɓar harajinsa a kowace jarrabawa, a lissafi da fizik duka. Ga shi kuma yana da maganin gaggawa kafin a cike ramin: ta mayar da amsarta cikin tambayar. Da 4, ɓangaren hagu ya ba da 5, na dama ya ba da 21, ba su haɗu ba. Da −4, kowane ɓangare ya ba da −19. Rabin minti ne.

Darasi na uku ya fi ba ni tausayi. Alwatika ce mai gefuna santimita 6 da 8 da 10, aka ce a nuna cewa tana da kusurwa mai digiri 90. Ta yi lissafin tsaf: 36 da 64 sun ba da 100, kuma 10 sau 10 ma 100. Sai ta tsaya a nan. Ba ta rubuta cewa bisa juyin ƙa'idar Pitagor alwatikar tana da wannan kusurwa ba, ba ta kuma faɗi a wace kusurwa take ba. Na cire mata maki 1, kuma duk mai gyaran Bepese zai iya cirewa, don abin da ake nema shi ne hujja, ba lambobi a jere ba. Ta sani, ba ta san cewa dole a rubuta ba. Wannan shi ne maki mafi arha a duk takardar: jimla ɗaya ce za ta koya ta riƙe.

Tambayar da ke biye, mai maki 2, ta bar ta fari fat. An ce ta nemo faɗin filin alwatikar, kuma tambayar ta fara da kalmar nan ta Faransanci, "dedwir", wadda ke nufin ka ciro amsa daga abin da ka riga ka samu a sama. Kalmar kyauta ce daga mai tambaya: tana cewa tun da ka nuna akwai kusurwar digiri 90, to gefuna biyun da suka kafa ta su ne gindi da tsawo, 6 sau 8 a raba biyu, 24. Yarinyar ta karanta, ta nemi tsawon alwatikar a cikin tambaya ba ta gani ba, ta wuce. Da na fassara mata kalmar da Hausa sai ta ba ni 24 kafin in rufe baki. A cikin biltan ɗinta waɗannan maki biyu za su fito a layin lissafi, alhali a layin Faransanci suka ɓata. Duk malamin da ke koyarwa a nan ya san wannan: yaro yana tunani da Hausa ko Barbarci ko Fillanci, yana karanta tambaya da harshen da ba ya ji sai a aji. Kalmomin umarni na lissafi ba su da yawa, ba su cika shafi ɗaya ba, amma da wuya ka ga an ware musu awa guda an koyar da su su kaɗai. Ni kaina ban taɓa yi ba sai bayan wannan takarda.

Darasi na huɗu maki 6 ne, ta samu 2, rubutun ya katse a tsakiyar layi. Lokaci ne ya ƙare. Shi ma "lokaci" dalili ne da ake fakewa da shi, don haka na tambaye ta yadda ta kashe awa biyun. Ta kwafe dukan tambayoyin a takardarta kafin ta fara, ta yi komai a buruyo, sannan ta sake kwafe shi da kyau, tana ja wa kowane kan magana layi da rula. Minti 120 a raba wa maki 20, kowane maki yana da minti 6. Darasi na farko bai cancanci fiye da minti 30 ba, ita ta ba shi kusan 50, ta fito da maki guda. Na ba ta darasi na huɗun a gida ba tare da agogo ba, ta kawo kusan duka daidai. Da a ce ba ta iya ba ko da an ba ta wuni, to da ba lokaci ne matsalar ba. Wannan gwajin shi ne kaɗai ke raba tsakanin wanda lokaci ya ci da wanda ya bar tambaya don tana ba shi tsoro.

To ga sha biyun: 4 sun tafi a ƙa'idar da ta fahimta a karkace, 1 a tsohon rami, 1 a rashin rubuta hujja, 2 a kalmar Faransanci, 4 a rabon lokaci. Bakwai daga ciki, wato hujja da kalma da lokaci, ba sa buƙatar ta koyi sabon lissafi ko kaɗan. Kuma ba ƙaramin abu ba ne a tsarinmu, inda kowace mada take da kwafishan ɗinta, wato lambar da ake ninka makinta da ita. Mu ɗauka kwafishan ɗin lissafi 3 ne, jimlar kwafishan duka 20. Idan mwayen ɗinta na lissafi, wato matsakaicin makinta, ya tashi da maki 4, ta ƙara 12 a jimla, a raba da 20, ya zama 0,6 a babban mwayen. Wanda ke kan 9,5 ya koma 10,1. Kowa ya san abin da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu a ƙarshen shekara. A nan direkta ya yi gaskiya ƙwarai, kuma akwai wata hujja da bai faɗa ba wadda ta fi duka ƙarfi: takardar Bepese ba a mayar wa ɗalibi, sakamako kawai yake ji. Takardun aji su ne kaɗai inda zai taɓa ganin kuskurensa da idonsa, kuma su ne ake naɗe ƙosai da su.

Amma a lura da wanda ya yi wannan binciken. Ba yarinyar ba ce, ni ne tare da ita, kuma ya ci kusan awa guda. Ajinta yana da ɗalibai fiye da 80, ni kuma ina riƙe da aji huɗu. Idan takarda 320 ce, kowace na ba ta minti 5 kawai, ya haura awa 26 na gyara, ban da shirin darasi. Shi ya sa da yawa daga cikinmu, in faɗi gaskiya har da ni a wasu makonni, muke ja layi mu rubuta lamba mu wuce. Takardar da ba ta nuna darasi na ɗaya maki nawa ne, nawa aka samu a ciki, ba ta bincikuwa. Ka ce wa yaro ya nemo sha biyunsa a takardar da ba ta da komai sai lamba a sama da kalma ɗaya ta tsawa a gefe, kamar ka aike shi rijiya ba guga ne. Jawabin an yi wa yara shi, amma rabin nauyinsa a wuyan malamai ya sauka, kuma ban tabbata duk waɗanda ke tsaye a bayan direkta sun ji haka ba. Mafi ƙanƙantar abin da za mu iya shi ne rubuta barem, wato makin da aka ware wa kowace tambaya, a allo ranar mayar da takardu, da sa ƙaramar lamba a gefen kowace tambaya. Wannan ba ya ƙara minti guda ga gyara, tun da dai a kai muke lissafa shi. Sai kuma saurin mayarwa. Takardar da ta yi wata guda a jakar malami, mai ita ya manta abin da ya sa ya rubuta abin da ya rubuta, an kuma wuce babi biyu. Ihu ne bayan hari.

Akwai wani bincike da ya dace da wannan wuri. A 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta raba ƴan firamare kashi uku: wasu ana mayar musu da aikinsu da maki kawai, wasu da bayani kawai, wasu da duka biyun. Waɗanda suka samu bayani kawai ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa maki da bayani ba su fi masu maki kawai ba. Duk wanda ya taɓa raba takardu bai yi mamaki ba: ido yana faɗawa kan lamba, daga nan ya koma takardar maƙwabci, bayanin da ka ɓata dare kana rubutawa ba wanda ya karanta. Ba za mu iya daina ba da maki ba, biltan yana jira, iyaye suna jira. Abin da na koma yi shi ne in yi gyaran tambayoyi biyu da aka fi faɗi kafin in raba takardun, in ce kowa ya ƙiyasta abin da ya samu a cikinsu, sannan in raba.

Sai misalin ɗan kasuwa, wanda ya yi daɗin ji amma bai dace da kowace mada ba. Yana nuna kamar kowa an ba shi ashirin ne ya zubar da wasu. A dikte, wato shifta, haka ne, daga sama ake farawa ana cirewa. Amma dikte tana da ƙasa: idan malami yana cire maki 2 a kuskuren nahawu da 1 a kuskuren rubutun kalma, yaro mai kuskure 15 da mai 35 duk sifiri za su iya samu. Malamar Faransanci ta nuna mini takardun wani yaro, ya sauko daga kuskure 31 zuwa 18 cikin wata biyu, sifiri a farko, sifiri a ƙarshe. Idan ya bi maganar direkta ya ƙirga makin da ya rasa, ashirin ne jiya, ashirin ne yau, sai ya ce ƙoƙarinsa banza ne. Shi kurakurai ya kamata ya ƙirga, ya ga nawa ne na daidaita aikatau da mai aikata shi, nawa ne na alamar jam'i wadda ake rubutawa ba a furta ta. Sau da yawa iri biyu ko uku ne suke cinye rabin takardar.

A rubutun insha'i kuwa lamarin ya juye. Ba wanda ke farawa da ashirin, ba kuma wanda ke samun ta. A al'adar makin da muka gada daga Faransa, 14 a insha'i babban abu ne. Yaron da ya samu 13 ba shi da maki bakwai da suka faɗi a wani layi da zai je ya tsinto. Wani ɓangare na makin ma ba a takardar yake ba, a hannun mai gyara yake. Tun 1936 Laugier da Weinberg suka nuna haka a Faransa, da suka sa masu gyara da dama suka duba takardu iri ɗaya na Bak, jarrabawar kammala sakandare: tazarar da ke tsakaninsu a kan takarda guda ta kai maki 13 bisa 20 a insha'in Faransanci, ta kai 9 a lissafi, inda ake zaton ba gardama. Don haka bambancin 11 da 12 ba abin da yaro zai ɗauki darasi daga gare shi ba ne. Abin tambaya a insha'i shi ne: na amsa abin da aka tambaya ko na kauce, tunanina yana da tsari, wace jimla ce malami bai gane ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya faru ranar Talata, wanda direkta bai hango ba. Layi ya kafu a ƙofar ɗakin malamai. Yara sun fahimci "ina sha biyun suka tafi" da ma'anar "wa ya ci mini su". Wasu suna da gaskiya: an samu takardun da aka yi kuskuren haɗa jimla, an samu shafin baya da ba a duba ba, kuma wannan hakkinsu ne, a gyara ba tare da ɓacin rai ba. Wasu kuwa sun zo cinikin rabin maki kamar masu tayin akuya, har da wanda ya ƙara alamar mwan da bik iri ɗaya ya kawo. Dole aka sa doka: ƙorafi a cikin aji ne, ranar da aka raba, bik a ajiye, kuma duk gyaran da ɗalibi zai yi a kan takardarsa da wani launi ne dabam. Neman hakki da neman dalili abu biyu ne, kuma wanda ya shagala da na farko ba ya kaiwa ga na biyu.

Wanda ya fi damuna shi ne mai 3 bisa 20. Shi idan aka ce ya bi diddigin sha bakwai, an ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba, an kuma sa shi ya daɗe yana kallon abin kunyarsa. Irin waɗannan su ne ke yaga takarda kafin su kai gida, ba don rashin damuwa ba, don kada wani ya gani. A wurinsu na juya tambayar: ukun nan daga ina suka fito? Sai mu nemi tambaya guda ɗaya da ta fi kusa da abin da ya riga ya iya, mu bar sauran. Mai 17 kuwa matsalarsa akasin haka ce, ba ya buɗe takardar sam, alhali ukun da ya rasa su ne suka fi faɗa masa wani abu sabo.

Daga cikin umarnin direkta uku, na ƙarshe ne ya fi nauyi, kuma shi ne aka fi sakaci da shi: a sake yin tambayar bayan kwana uku ba tare da kallon gyara ba. Kwafe gyara daga allo yana sa yaro ya ji ya gane, domin kowane layi yana bin na gabansa a sauƙaƙe. Gane hanya kana bin bayan wani daban ne da nemo ta kai kaɗai. Kwana ukun suna sa abin da ido ya riƙe ya dushe, sai a ga abin da ya saura. Na ƙara masa abu ɗaya: a canja lambobin. Wanda ya faɗi a (x − 3)² ya gwada (x − 7)², in ba haka ba haddar amsa zai kawo. Ganin ba zan iya zama da kowa ba, sai na ware minti goma na farkon darasin Alhamis, in rubuta tambayoyi biyu da aka fi faɗi da sababbin lambobi, kowa ya yi a takarda ƙarama, maƙwabci ya duba. Ba maki a ciki, kuma da farko wasu sun ƙi ɗaukarsa da gaske saboda haka.

Yarinyar ta samu 12 a dabuwar na watan Maris. Ta daina kwafe tambayoyi, ta kai ƙarshen takarda, ta rubuta jimlar Pitagor cikakkiya, yankuna biyun da take zubarwa sun dawo. A darasi na biyu an kai wurin −3x = 12, ta rubuta x = 4. A ƙasa akwai alamar ta fara mayar da amsar cikin tambaya, ta yi layi ɗaya ta bari. Na zagaye wurin da jan bik, ban rubuta komai ba, na sa sunanta cikin yara goma sha ɗaya da za mu koma da su kan lambobin ƙasa da sifiri ranar Asabar da safe.